Yaushe Sola Za Ta Mayar da Uwar Kuɗinta?

A ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Tun daga lokacin masu shaguna a Katanga, da Jega, da Aliero, da Maiyama suka fara waiwayar wutar sola. Amma kafin mutum ya zuba dukiyarsa, wajibi ne ya san shekarun da kayan za su ɗauka kafin su mayar masa da uwar kuɗinsa. Amsar tana cikin tsofaffin takardun kuɗin lantarki da littafin sayen mai.

Ƙa'idar ita ce: a raba kuɗin kafa sola da kuɗin da za ta rage wa mai ita a shekara. Rabawar ba ta da wuya. Inda aikin yake shi ne gano wannan ragi na gaskiya.

Da farko a tara takardun wata goma sha biyu cur, domin wutar da ake sha da bazara ta fi ta hunturu nesa ba kusa ba. Sannan a ƙirga man da lita, kada a ƙirga shi da Naira, tunda farashin bara ba shi ne na bana ba. Idan an samu jimillar litocin, sai a ninka ta da farashin yau.

A ɗauka wani mai sayar da ruwan sanyi da cajin waya a Katanga ya duba littafinsa, ya ga janaretansa ya sha lita 900 a shekara. Idan lita tana Naira 900, kuɗin mai ya kama Naira 810,000. Baƙin mai da gyara sun ci 60,000, takardun kamfanin lantarki na Kaduna, wanda ke raba wuta a Jihar Kebbi, sun ci 72,000. Jimilla Naira 942,000 ke nan. An yi masa kuɗin faranti, da inbata, da batura, da ladan haɗawa Naira 2,400,000. Mai gaggawa zai raba wannan da 942,000, ya ce shekara biyu da rabi ta isa.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa janareta zai yi shiru har abada, alhali hadarin watan Agusta da ƙurar hunturu suna rage ƙarfin faranti. A ce zai ci gaba da sayen kashi ɗaya cikin biyar na man, wato lita 180. Ragin da ya samu lita 720 ne, Naira 648,000. Gyaran janareta ya sauko zuwa 20,000, ya rage 40,000. Kuɗin lantarki ya koma rabi, ya rage 36,000, wannan kuwa sai idan yana da mita, domin wanda ake yi wa ƙiyasi yakan ga takardarsa ba ta sauya ba. Ragin shekara ya zama Naira 724,000. Idan aka raba 2,400,000 da shi, za a samu shekara uku da wata huɗu.

Saura batun batura. Faranti yakan yi aiki shekara ashirin ko fiye, amma batir mai dalma da ruwan asid ba ya kai ko kusa, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Duk ƙarin digiri goma a kan digiri 25 yakan rage kwanansa da kusan rabi, ga shi kuma a wannan yanki zafin Afrilu yana wuce digiri 40. Alamar gajiyarsa ita ce ya cika da wuri, ya kuma ƙare tun dare bai raba ba. A ce baturan mai shagon za su yi shekara uku, sababbi kuma Naira 800,000 ne. Tunda za su mutu kafin uwar kuɗi ta dawo, dole a haɗa kuɗinsu da na farko, jimilla 3,200,000. Raba wannan da 724,000 ya ba da shekara huɗu da wata biyar, kusan ninki biyu na amsar mai gaggawa.

Wannan hanya ba ta kula da faɗuwar darajar Naira ba, kuma wanda ya ci bashi ya sayi kayan sai ya ƙara ribar da zai biya a kan kuɗin kafawa.

Aiki ga ɗalibai: a sake lissafin idan lita ta kai Naira 1,100, sauran alƙaluma suna nan yadda suke. A nemo ragin shekara, a raba 2,400,000 da shi, sannan a gwada amsar da shekara ukun baturan. Shin a wannan karon kuɗin sababbin batura zai shiga lissafi? A bayyana dalili.