DARASIN RUBUTA WASIƘA: Wasiƙar Bayyana Niyya Kafin Yarjejeniya

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan wata irin wasiƙa ne da ake rubutawa idan mutum biyu suna son su haɗa hannu a kan wata sana'a, amma ba su kai ga ɗaure magana ba tukuna. Sunanta wasiƙar bayyana niyya. Manyan kamfanoni suna rubuta wa juna irinta kafin lauyoyinsu su zauna. To, manomi ma yana iya rubutawa, kuma tasa ba sai ta wuce shafi ɗaya ba.

Bari mu ɗauki misalin noman rani. Wani manomi yana da fadama eka ɗaya a bakin kogi, yana da ƙarfin aiki shi da 'ya'yansa, amma ba shi da injin ban ruwa. Wani ɗan kasuwa a garin da ke kusa yana da inji da ɗan jari, amma ba shi da gona. Sun haɗu ran kasuwa, sun yi hira, kowa ya ce to. Kowa ya koma gida da abin da yake zaton an ce. Bayan wata biyar, ranar da aka sayar da tumatir, sai a tarar abin da ke kan wannan daban, na wancan daban. Wasiƙar bayyana niyya ana rubuta ta ne tun kafin a zuba iri, domin kowa ya ga tunanin ɗan'uwansa a rubuce.

Bambancinta da yarjejeniya

Yarjejeniya ita ce maganar da aka gama. An sa hannu, akwai shaidu, wanda ya saɓa ana iya kai shi gaban alƙali. Wasiƙar niyya kuwa tana zuwa kafin nan. Mai rubuta ta cewa yake yi: ga abin da nake nufi, ga abin da zan kawo, ga abin da nake so ka kawo, ka duba ka ba ni amsa. Wanda aka rubuta wa yana da damar ya yarda, ko ya gyara, ko ya ce a'a. Ta yi kama da zuwan iyayen saurayi gaisuwa gidan yarinya. An nuna da gaske ake, amma ba a ɗaura aure ba.

Sai dai a lura da kyau. Sunan da ka sa wa takarda ba shi kaɗai alƙali yake dubawa ba. Yana duba kalmomin da ke ciki, yana kuma duba abin da kuka aikata daga baya. Idan ka rubuta "na ɗauki alkawari" ko "na amince na ba ka", ɗayan ya amsa ya yarda, ya kawo inji, ka karɓi kuɗin taki, to ana iya cewa kun riga kun ƙulla, ko da a saman takardar an rubuta "niyya". Saboda haka ka yi amfani da kalmomi irin su "ina da niyyar", "ina ba da shawarar", "idan mun daidaita". Kuma dole ka sa jimla guda da ta faɗa a fili cewa wannan ba ita ce yarjejeniyar ba.

Ga yadda mai fadama zai rubuta. Inda muka sa ɗige-ɗige, sai ka sa naka sunan da na garinku.

Unguwar ……,
Ƙauyen ……,
5 ga Satumba, 20…

Zuwa ga Alhaji ……,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne maganar da muka yi ran kasuwa game da noman rani.

Ina da niyyar mu haɗa hannu mu noma tumatir a fadamata da ke bakin kogi, gabas da gari, mai faɗin eka ɗaya, na rani ɗaya kawai, wato daga watan Oktoba zuwa ƙarshen tsinka. Ni zan kawo gona da dukan aikin hannu: reno, dashe, ban ruwa, noma da tsinka. Ina so kai ka kawo inji da tiyo, da kuɗin mai, iri, taki da maganin feshi.

Shawarata ita ce, idan an sayar, a fara fitar maka da kuɗin da ka kashe a kan mai, iri, taki da magani, sannan a raba abin da ya rage gida biyu daidai. Gonar tana nan tawa, injin yana nan naka.

Akwai abu biyu da ba mu tattauna ba: wanda zai biya gyaran inji idan ya lalace, da yadda za a yi idan an yi asara. Ina so mu yanke su ranar da za mu zauna.

Wannan wasiƙa bayyana niyya ce kawai, ba ita ce yarjejeniyar ba. Babu abin da ya hau kan ɗayanmu sai mun rubuta yarjejeniya mun sa hannu a gaban dagaci da shaidu. Ina roƙon amsarka kafin 20 ga Satumba. Idan ban ji daga gare ka ba har ranar, zan ɗauka ba ka da hali bana, in nemi wani, ba tare da wani ɓacin rai ba.

Ka huta lafiya.

Ni ne naka,
……

Yanzu mu duba wuraren da suka fi nauyi a cikinta.

Maganar rabo

Nan ne mafi yawan rigima take fitowa. Mutanenmu sukan ce "a raba biyu" su tashi. To, me za a raba biyu? Kuɗin cinikin gaba ɗaya, ko abin da ya rage bayan an fitar da ɗawainiya? Bari mu yi lissafi. Waɗannan kuɗi misali ne kawai, don kowa ya san yadda farashi yake sauyawa.

A ce mai inji ya kashe naira 200,000 a kan mai, iri, taki da magani. A ce an sayar da tumatir duka a kan naira 600,000. Idan kuɗin cinikin aka raba biyu, kowa zai ɗauki naira 300,000. Mai inji ya cire 200,000 da ya kashe, ribarsa ta zama 100,000 ke nan. Amma idan aka fara fitar masa da 200,000 ɗinsa, saura 400,000. A raba biyu, kowa ya sami 200,000. A wannan hanya mai inji zai tafi gida da 400,000, mai fadama da 200,000.

Kun gani? Mai fadama a hanya ta farko 300,000 zai samu, a ta biyu 200,000. Tsakanin biyun akwai naira 100,000, alhali duka sunansu "a raba biyu". Babu wadda ta zama zalunci idan an yarda da ita tun farko. Mai fadama ma yana iya cewa, tunda za a fitar wa mai inji kuɗinsa, shi ma a fitar masa da kuɗin 'yan ƙwadagon da ya ɗauka ranar dashe da ranar tsinka. Magana ce mai kyau, amma wurin faɗinta shi ne cikin wasiƙa a watan Satumba. Idan ya bari sai an zo bakin mota ana loda kwanduna, ya makara.

Abin da ba a gama ba

Wasu sukan ji kunyar rubuta cewa akwai abin da ba a daidaita ba, suna ganin kamar zai kori abokin. A ganina wannan sashe ya fi kowane amfani. Injin ban ruwa yakan lalace a tsakiyar aiki, kuma tumatir ba ya jiran a gama gardama kafin ya sha ruwa. Asara kuma gaskiya ce. Manoman Kano, Katsina da Kaduna ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonakin tumatir. A shekara irin wannan babu ribar da za a raba. Shin mai inji ya yi asarar kuɗinsa, mai fadama ya yi asarar guminsa, shi ke nan? Ko kuwa mai inji zai biyo mai fadama bashi? Wasiƙar niyya ba sai ta amsa ba. Aikinta ta ajiye tambayar a gaban kowa, don kada a manta da ita ranar zama.

Ranar amsa

Kada ka rubuta "ka ba ni amsa da wuri". Ka sa rana. Noman rani yana da lokaci. Idan ka zauna jiran mutum har lokacin reno ya wuce, ka yi biyu babu. Sa rana kuma yana kare mutuncinka, don idan ka koma wurin wani, ba wanda zai ce ka ci amana.

Shi ma wanda aka rubuta wa, a rubuce ya kamata ya amsa. Layi uku sun isa: na ga wasiƙarka ta 5 ga Satumba, na yarda mu zauna, amma ina so a gyara kaza. Kafin ranar zaman, kada mai fadama ya karɓi ko buhun taki ɗaya, kada mai inji ya kai injinsa gona. In larura ta sa sai an ba da kuɗi, misali don sayen iri, a rubuta wata 'yar takarda dabam da ta faɗi nawa ne, da yadda za a mayar idan magana ta wargaje.

Idan fadamar ta gado ce da ba a raba ba, ka sami yardar 'yan'uwanka kafin ka rubuta "fadamata". Jimlar nan "gonar tana nan tawa" kada ka tsallake ta, don kada wata rana wani ya ce jingina ce ko sayarwa.

Idan wani ne ya rubuta maka

Wanda hannunsa bai faɗa sosai ba yana iya neman malamin aji ko wani amintacce ya rubuta masa. Dokar kare marasa karatu ta ce mai rubuta wa wani takarda ya sa sunansa da adireshinsa a kanta, kuma ya karanta wa mai ita har ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ka sa a karanta maka sau biyu. A rubuta guda biyu iri ɗaya, ka aika da ɗaya, ka adana ɗaya inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Ranar zama gaban dagaci ka tafi da taka, domin daga cikinta za a ɗebo yarjejeniyar.

Aikin aji

1. Wace jimla ce a wasiƙar ta nuna cewa ba yarjejeniya ba ce? Kwafe ta a littafinka.

2. An sayar da tumatir naira 500,000, mai inji ya kashe 100,000. Nawa mai fadama zai samu a kowace hanyar rabo?

3. Kina da wurin kiwo da dusa, maƙwabciyarki tana da kuɗin sayen raguna biyu don Babbar Salla. Rubuta mata wasiƙar bayyana niyya, ki nuna wa malamar ajinku.