Takardar Shirin Suna: Kowane Kaya Da Mai Ɗaukarsa

Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da suna, kuma abin da ya fi kawo cikas shi ne kowa ya zaci wani ya riga ya yi. Tun washegarin haihuwa a samu takarda, a raba ta gida huɗu: kaya, adadi, mai kawowa, lokacin isowa.

1. A rubuta sunan mutum ɗaya. Kada a rubuta "dangin uba" ko "abokan angon ƙarni". A rubuta "Kawu" ko "Yaya Babba", kuma a ji amincewarsa daga bakinsa kafin a sa shi a takarda.

2. Kujeru. Maza suna zuwa raɗin suna da sassafe, mata kuma sai yamma, don haka kujera ɗaya tana aiki sau biyu. Idan ana sa ran maza 60 da mata 100, lissafin mutum 100 za a yi, wato dozin tara, kujera 108. Dattawa da malamai a shimfiɗa musu tabarmi da darduma. Wanda ya karɓi kujerun ya ƙirga su a gaban mai haya, ya ware masu tsaga tun a lokacin, domin duk wadda ta ɓata ko ta karye mai gida ne zai biya.

3. Rumfa. A ba da kafin alƙalami da wuri, musamman idan sunan ya faɗo Asabar ko Lahadi, lokacin da bukukuwa ke cin karo. A kafa ta tun jajibere. Da damina a duba tamfol ɗin ko yana yoyo, a ɗaure ƙafafun saboda iska. In za a tare layi, a sanar da maƙwabta.

4. Abinci. A raba shi biyu. Na safe, wato goro, dabino da alawa, ya kwana a hannun uban jariri, tare da alƙawarin mahaucin da zai feɗe rago. Na yamma a danƙa wa Gwaggo ko Inna: waina da miyar taushe, dafa-duka, zoɓo, ruwan leda da ƙanƙara. Mai girki ce za ta faɗi kwano nawa na shinkafa za a auno. A rubuta kuloli da farantan aro da sunan masu su, a kuma sa mutum ɗaya ya kula da abincin mai jego.

5. Lasifika. A tambayi mai ita ƙarara: da janareto zai zo? Wa zai sayi mai? Wayarsa za ta kai rumfa? A gwada makirfo kafin baƙi su zauna, a ajiye janareto a waje, nesa da ɗakin jariri.

6. Mayarwa. A ƙara layi na ƙarshe: wa zai mayar, kuma yaushe. Kayan haya in suka ƙara kwana, mai su kan nemi kuɗin wata rana.