Layin da Babu Komai a Cikinsa: Dalilin Rikicewar Jeri da Jadawali a Markdown

Markdown wata hanya ce ta rubutu a kwamfuta wadda John Gruber ya fito da ita a shekarar 2004. Mai rubutu yakan buga zancensa tsurarsa, ya sa 'yan alamomi, sannan wata manhaja ta mayar da alamomin zuwa kanun magana da jeri da jadawali. Sai dai sau da yawa jerin da aka tsara ɗaya bayan ɗaya yakan fito a cure, jadawali kuma ya watse. Galibi abu biyu ne ke jawo haka: rashin barin layi fayau, wato layin da babu komai a cikinsa, da kuma kuskure wajen matsar da layi ciki.

A ƙaddara wata ɗaliba ce ta yi gwajin tsirar iri. Ta shuka ƙwaya 100 ta gero da ƙwaya 100 ta dawa a kan takarda mai danshi, ta ƙirga waɗanda suka tsira bayan kwana 7. Ga yadda ta fara rubuta rahotonta:

```
Kayan aiki:
- irin gero
- irin dawa
Sakamako:
| Iri | Ya tsira |
|---|---|
| Gero | 82 |
| Dawa | 67 |
```

Da ta juya rahoton zuwa takardar Word da manhajar Pandoc, sai ga "Kayan aiki: - irin gero - irin dawa" a jere cikin zance guda. Alƙaluman su ma suka biyo baya a cakuɗe da tsayayyun sanduna, ta yadda mai duba aikin ba zai gane da kallo ɗaya ko 82 na gero ne ko na dawa ba. Aikin mako guda ke nan ya shiga haɗarin rasa maki, alhali kuwa babu kuskure ko ɗaya a ƙirgenta.

Dalilin haka yana cikin yadda manhajar ke gane sakin layi. A wurinta, duk layukan da suka biyo juna ba tare da layi fayau a tsakaninsu ba, zance ɗaya ne da aka kakkarya, don haka sai ta ɗinke su. Danna maɓallin `Enter` sau ɗaya bai isa ya raba su ba. Idan Pandoc ta fara karanta "Kayan aiki:", takan ci gaba da haɗiye duk abin da ya biyo baya har sai ta tarar da layi fayau. Maganin kuwa shi ne a danna maɓallin sau biyu a kowace mahaɗa:

```
Kayan aiki:

- irin gero
- irin dawa

Sakamako:

| Iri | Ya tsira |
|---|---|
| Gero | 82 |
| Dawa | 67 |

Gero ya fi dawa tsira.
```

Layi fayau na bayan jadawali shi ma wajibi ne. A irin Markdown ɗin da GitHub ke amfani da shi, jimlar da ta manne da ƙarshen jadawali takan zama wani sabon sahu a cikinsa. Da ɗalibar ta manta da shi, da "Gero ya fi dawa tsira" ta faɗa ƙarƙashin "Dawa" tamkar sunan iri na uku.

Wani abin da ke ruɗa masu koyo shi ne, rubutu guda yana iya fita daidai a wata manhaja ya lalace a wata. Asalin Markdown na 2004 ba shi da jadawali ko kaɗan, daga baya ne manhajoji suka ƙara shi, kowace da ƙa'idarta. A 2014 aka fito da daidaitacciyar ƙa'ida mai suna CommonMark, wadda ta yarda jeri ya biyo bayan zance kai tsaye. Shi ya sa jerin kayan aikin nan zai fito a matsayin jeri a GitHub, amma ya cure a Pandoc, wadda bisa tsarinta na yau da kullum take neman layi fayau. Wanda ya bar layin ya tsira a duka biyun.

Matsala ta biyu ita ce ta matsar da layi. A nan "gurbi" na nufin tazarar da ake samu idan an danna dogon maɓallin nan na ƙasa sau ɗaya. Ɗalibar ta rubuta matakan aikinta, ta sa wa kowane mataki lamba 1, domin manhaja kan jera lambobin da kanta daga lambar farko:

```
1. A jiƙa iri.
  - gero daban
  - dawa daban
1. A shimfiɗa a kan takarda.
1. A ƙirga bayan kwana 7.
```

Ta so a ga mataki na 1 da rassansa biyu, sannan na 2 da na 3. Abin da ya fito shi ne mataki na 1, sai ɗigo biyu a gefe, sai kuma wani sabon jeri da ya sake farawa daga 1. Mai bin wannan takarda a ɗakin gwaji yana iya zaton jiƙa iri wani aiki ne daban, ya tsallake shi.

Ƙa'idar CommonMark ita ce, duk abin da ke ƙarƙashin wani mataki dole ya daidaita da harafin farko na rubutun matakin. Lamba 1 da aya da gurbin da ke binsu sun cinye wuri uku, saboda haka reshe na bukatar gurbi 3. Ita kuwa ta ba da 2, sai manhaja ta ɗauka jerin ya ƙare. A ƙarƙashin alamar `-` gurbi 2 ya wadatar, amma daga mataki na 10 zuwa sama sai an ba da 4, tunda lambar ta ƙara faɗi. Gyaran bai wuce ƙarin gurbi guda ba:

```
1. A jiƙa iri.
   - gero daban
   - dawa daban
1. A shimfiɗa a kan takarda.
```

Wuce gona da iri shi ma yana da illarsa. Layin da ba ya cikin jeri, idan ya zo bayan layi fayau kuma aka matsar da shi gurbi 4 ko fiye, manhaja kan ɗauke shi a matsayin umarnin kwamfuta da ake son nunawa tsurarsa. Jadawalin da aka tura tsakiyar shafi don ya yi kyau zai fito da sandunansa a fili, cikin haruffa irin na tafireta. Maɓallin `Tab` ma yakan haddasa haka, domin a farkon layi ana lissafa shi a matsayin gurbi 4, ga shi kuma ido ba ya bambanta shi da gurabe. Ya fi kyau jadawali ya fara daga bakin layi na hagu.

Idan an rasa gane inda cutar take, akwai hanyar bincike mai sauƙi. Sai a umarci Pandoc ta nuna yadda ta fahimci rubutun:

```
pandoc rahoto.md -t html
```

Inda aka ga `<table>` jadawali ya karɓu. Inda alƙaluma suka fito bayan `<p>`, layi fayau ne aka manta. Inda suka fito bayan `<pre>`, matsarwa ce ta yi yawa. Idan kuwa alamar buɗe jeri ta `<ol` ta bayyana sau biyu a matakan aiki guda, to jerin ya tsinke, sai a ƙirga guraben layin da ya tsinke a kansa. In an duba duk waɗannan jadawali bai miƙe ba, sai a ƙirga gidajen layin nan na `|---|---|`, domin a GitHub dole yawansu ya yi daidai da na layin kanu.

Da ɗalibar ta ƙara layi fayau 4 da gurbi guda a gaban kowane reshe, sai rahotonta ya fito yadda ta nufa: matakai 3 a jere, gero da 82 ɗinsa, dawa da 67 ɗinta. Abin da ya dace shi ne a riƙa juya rahoto da ainihin manhajar da za a miƙa shi da ita, a karanta shi tun kafin ranar miƙawa.