Lissafin kantar kemis: yadda ake gane maganin da wa'adinsa ya kusa

Kowane kwalin magani yana ɗauke da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, wadda ake rubutawa bayan BN ko LOT, da ranar da aka yi shi bayan MFG, da ranar ƙarewar wa'adinsa bayan EXP. Idan wata da shekara kaɗai aka rubuta, kamar EXP 06/2026, wa'adin yana cika ne a ranar ƙarshe ta watan Yuni. Asarar da masu kemis ke yi a Bunkure da Kura ta kan faro daga sabon kaya: a dawo daga sari a jera shi a gaba, tsohon ya koma lungun kanta, ba a tuna da shi sai ya lalace.

Maganin wannan shi ne littafi guda wanda ake ba kowane rukuni layinsa. A layin ana rubuta sunan magani da ƙarfinsa, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar wa'adi, da yawan da aka karɓa, da dilan da aka saya a wurinsa tare da lambar rasit. Magani iri ɗaya mai lambar rukuni biyu layi biyu yake ci, domin jimilla kaɗai ba ta nuna wanda zai riga lalacewa. Ana yin rubutun ranar da kaya suka iso, kafin su hau kanta, kuma daga jikin kwali ake kwafa. A buɗe a duba ko lambar da ke jikin katin ƙwayar ta yi daidai da ta kwalin. Idan suka saɓa, ko aka ga alamar kankara ko an manna wata takarda a kan ranar, kayan nan abin zargi ne, a ware su.

Wajen jeri, ranar ƙarewa ake bi, ba ranar shigowa ba, domin kayan da aka saro yau a cibiyar sayar da magunguna ta Dangwauro suna iya riga na watan jiya ƙarewa. Mai gajeren wa'adi shi ke gaba, inda hannu ke fara kaiwa. A ƙarshen kowane wata a ƙirga kanta rukuni-rukuni a gwada da littafi. Wanda saura masa wata shida a ɗiga masa jan biro, wanda saura wata uku a mai da shi kanta ta musamman.

Alamar biro ba ta wadatar sai an haɗa ta da lissafin ciniki. A misali, a farkon Fabrairu an ƙirga fakiti 90 na maganin zazzaɓin cizon sauro a rukunin da zai ƙare a Yuni, da wasu 100 da za su kai shekara mai zuwa. Littafi ya nuna ana sayar da fakiti 15 a wata. Idan za a daina sayar da rukunin wata guda kafin ya ƙare, watanni huɗu suka rage, wato fakiti 60 ne za su fita, 30 za su yi kwantai. Ruwan da ke kwance a gonakin shinkafa na noman rani yana sa ba a rasa masu zazzaɓi, amma cinikin yana tashi sosai ne daga Agusta zuwa Oktoba, bayan wa'adin ya wuce. Don haka fakiti 30 ɗin a mayar wa dila tun a Fabrairu, lokacin da shi ma zai iya sayar da su. Sharaɗin mayarwa kuwa tun ranar sari ake ƙulla shi, kuma lambar rukuni da rasit ne shaidar cewa kayan daga hannunsa suka fito.

Akwai iyaka ga sayar da mai gajeren wa'adi. Dole kwanakin shan magani su ƙare kafin wa'adin ya cika. Maganin zazzaɓi na kwana uku ba matsala, amma mai hawan jini da ke sayen na wata biyu ba a ba shi wanda saura masa mako uku. Haka kuma ranar da ke jikin kwali tana aiki ne idan an bi sharaɗin ajiya, wanda ga yawancin magunguna bai wuce digiri 30 ba. A zafin Afrilu, shago mai rufin kwano ba silin yana zarce haka nesa. Ƙwayar da ta sauya launi ko ta farfashe, da garin sirof ɗin yara da ya dunƙule, a sauke su ko da ranarsu ba ta cika ba.

Maganin da wa'adinsa ya cika ana sa shi a kwali a rufe, a rubuta a kai cewa ba na sayarwa ba ne, a cire adadinsa daga littafi. Ba a zuba shi a magudanar ban ruwa ko a juji inda yara ke tsince-tsince. Ana miƙa shi ga dila ko ga hukumar NAFDAC, wadda ke da alhakin lalata irin waɗannan kaya. Idan kuma hukumar ta ba da sanarwar janye wani magani, lambar rukuni take ambata, kuma littafin nan ne zai nuna ko rukunin yana shagon da fakiti nawa suka rage.