Bulon Siminti, Tubali, ko Bulon Jar Ƙasa?

Malam Sani daga Funtuwa, ka tambayi wanne ya fi dacewa da ɗaki biyu da falo.

Tubali ya fi araha, ɗakinsa kuma akwai sanyi lokacin bazara, amma ruwa ne ajalinsa, sai da yaɓe kowace shekara. Bulon siminti na jure damina, sai dai zafi da tsada. Kuma masu buga shi kan ƙara yashi. In ka murza gefensa ya zube, bar musu kayansu.

Ni dai na fi karkata ga bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Kwano ɗaya na siminti, kwano ashirin na tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai ɗan yashi, da ruwa kaɗan. Bayan an matse bulon, a lulluɓe shi da leda, ana yayyafa ruwa har mako huɗu. Harsashin kuwa, ka yi shi da dutse ko bulon siminti.