Yadda ake kare ofshin da ka sayar ta hanyar daidaita delta

A ce ka sayar wa wani ofshin na saye a kasuwar Amurka, wato ka ba shi damar sayen hannun jari a wurinka kan dala 100 nan da wata guda. Farashin yau ma dala 100 ne, kai-komonsa kuwa kashi 20 cikin ɗari a shekara. Kwantiragi goma ka sayar, kowanne hannun jari 100, jimilla 1,000. In aka ajiye kuɗin ruwa gefe, lissafin Black da Scholes na 1973 zai ba ka kusan dala 2,300. Kuɗin sun shiga aljihunka, amma in farashi ya yi tashin gwauron zabi, asararka ba ta da iyaka.

Mataki na farko, duba delta. Ita ce ke nuna yawan motsin ƙimar ofshin idan farashi ya motsa da dala ɗaya. A nan 0.51 ce, saboda haka nan take ka sayi hannun jari 510. Ribarsu za ta toshe asarar ofshin, muddin motsin ƙanƙane ne.

Na biyu, sake lissafi bayan kasuwa ta motsa, domin delta ba ta zama wuri ɗaya. Saurin canjinta shi ake kira gamma, a nan kusan 0.07 kan kowace dala. Gobe farashi ya kai 102, delta ta koma wajen 0.65, sai ka ƙara sayen 140. Jibi ya dawo 100, sai ka sayar da 140 ɗin nan. Ka saya da tsada ka sayar da araha, dala 280 sun tafi. Haka aikin yake ga duk mai sayar da ofshin. Abin da ke biyan ka shi ne zaizayewar ƙimar ofshin kullum, wato teta, kusan dala 55 a ranar ciniki. Kwana biyu sun ba ka 110, ka ga akwai giɓin 170. A wannan misali, ranar da farashi ya motsa ƙasa da dala 1.26 taka ce, ranar da ya wuce haka ta mai saye ce.

Na uku shi ne mai wuya: sau nawa za ka daidaita? Derman da Kamal sun nuna a 1999 cewa kuskuren kariya yana raguwa ne daidai da tushen murabba'in yawan daidaitawa. Ma'ana, sai ka ninka aiki sau huɗu kafin haɗari ya ragu da rabi. Mai daidaitawa sau ɗaya a mako, sakamakonsa na ƙarshen wata kan kauce da kusan dala 1,000, sama ko ƙasa. Mai yi kullum, sau 21 ke nan, kusan 445. Mai yi sau huɗu a rana, kusan 220.

Sai dai kowane ciniki da kuɗinsa, ga la'adar dillali, ga ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Mu ƙaddara santi goma ne kan kowane hannun jari. Ban da sayen farko da sayarwar ƙarshe, mai yi kullum zai juya wajen hannun jari 1,450 a watan, dala 145. Na mako-mako zai kashe wajen 65, na sau huɗu a rana 290. Daga mako zuwa kullum, dala 80 ta kawar maka da haɗarin fiye da 500, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga kullum zuwa sau huɗu, 145 ta kawar da 225 kawai. Kuma ka tuna, kuɗin ciniki asara ce tabbatacciya, kuskuren kariya kuwa yana iya faɗowa ta gefenka. Shi ya sa Leland ya ba da shawara a 1985 a cusa kuɗin cinikin cikin farashin ofshin tun wajen sayarwa.

Ni na fi son a bar bin agogo a kafa iyaka. Ka ce ba za ka taɓa komai ba sai ratar da ke tsakanin abin da ke hannunka da abin da delta ke nema ta wuce hannun jari 100. Ranar da kasuwa ta lafa ba ka kashe ko sisi, ranar da ta rikice kana motsawa da wuri. In la'ada ta yi tsada, faɗaɗa iyakar.

Kula da makon ƙarshe. In farashi na kusa da 100, gamma kan ninka, delta ta riƙa tsalle, cinikinka ya yawaita. Sau da yawa sake sayen ofshin a rufe shi ya fi araha.

Akwai kuma haɗarin da yawan daidaitawa ba ya magani. In kamfanin ya fitar da rahoton riba da dare, aka buɗe kasuwa kan 110, babu inda za ka sayi komai a 103 ko 106. Hannun jarinka 510 sun ci ribar 5,100, ofshin ya ci maka kusan 7,800. Kafin irin wannan dare, rage yawan kwantiragin, ko ka sayi wani ofshin mai farashin saye 105 domin ya tsayar da asarar.