Simash, kiliya ko dirof: wanne zan buga, kuma yaushe?

Tambaya: Muna buga badmintan da yamma a nan Maikujera. Duk ƙwallon da ya zo sama simash nake yi masa, amma raga ke cinye yawancinsu. Yaushe ya kamata in yi kiliya ko dirof?

Amsa: Ɗan'uwa, duka ukun shirinsu ɗaya ne. Ka riƙe raket kamar mai gaisawa da hannu, ka juya gefe kafaɗar hagu ta fuskanci raga idan badame ne kai, ka ɗaga gwiwar hannu. Wurin da raket ya haɗu da ƙwallo, nan suke rabuwa.

A kiliya, kana tarar ƙwallon daidai saman kafaɗarka, fuskar raket na kallon sama kaɗan, ka sake masa ƙarfi har ya faɗi kusa da layin baya. Filin mita 13.4 ne, saboda haka daga baya zuwa baya ba ƙaramin bugu ba ne. Shi ake yi idan an matsa maka, ko ƙwallon ya wuce kanka, domin ka samu sararin komawa tsakiya. In ka ga abokin karawa na tarar kiliyarka a tsakiyar filinsa, ta yi gajarta, kai ka miƙa masa wuya.

Simash kuwa sai ƙwallon yana gabanka, kamar taku guda, kai kuma kana bayansa da ƙafafunka daram. Fuskar raket ta rufo ƙasa, ka murɗa damtse da sauri kamar mai kaɗa bulala. Ina zargin nan matsalarka take: kana bari ƙwallon ya sauko, ko kana bugawa daga can layin baya. Ragar ta kai mita 1.55 a jikin sanduna, ƙwallon kuma bai wuce giram 5 da ɗoriya ba, gudunsa na mutuwa da wuri. Daga nesa ko dai raga ta kama, ko a mayar maka cikin sauƙi.

Dirof yaudara ce. Ka taho tamkar simash za ka yi, dab da haɗuwa sai ka sassauta, ka tura ƙwallon ya sauka bayan raga kaɗan. Kada ka tsayar da hannu cak, bar shi ya ƙarasa. Idan ka rage gudun tun daga farko, an gano ka.

A ce ka yi kiliya biyu zuwa kusurwarsa ta hagu. Ya lafe a baya yana jiran ta uku, sai ka sauke masa dirof a dama. Ya rugo ya ɗago shi da ƙyar, ƙwallon ya tsaya tsakiyar filinka. To yanzu ne lokacin simash.

Idan a waje kuke bugawa, ka lura da iska, musamman ta hunturu. In tana bayanka, kiliya kan fice daga layi, sai ka yawaita dirof da simash. In tana fuskarka, ƙara wa kiliya ƙarfi, dirof ɗin ma tura shi gaba kaɗan don kada ya maƙale a raga.